Ragowar Kaka

Shekarar da na ajiye makaranta a aji shida na koma zaman tashar Babura, ita ce shekarar da zazzaɓi ya kayar da Kaka. Zazzaɓin ya tafi, amma ya tafi da cikinta. A kawo mata ƙwarya cike da koko, ta kurɓi ludayi uku ta ture. Zaninta har zagaye biyu yake yi mata.

Kawu, ɗan Kaka, ya zo daga Kano a sabuwar Fijo, lokacin duk ma'aikaci yana jin kansa. Ya dube ta ya ce, idan ya dawo ƙarshen wata mai zuwa ba ta iya takowa zaure da ƙafarta ba, zai ɗauke ta Kano ta zauna can. Kaka kuwa ta ce ita ba ta kwana a gidan da babu akuya.

Ni na je wajen malamin asibitin garinmu, wani Kirista ɗan Jos da Hausa ta zauna a bakinsa. Ya ce, "Cikinta ya zama ƙarami, ku daina cika ƙwarya. Ludayin nan uku za ku yi wa lodi." Wai a dama kunu da madarar shanu da aka tafasa maimakon ruwa, a sa niƙaƙƙiyar gyaɗa, a ɗiga man gyaɗa. A fara da rabin cokali, kar ya ɓata mata ciki. Kaɗan-kaɗan, sau biyar ko shida a wuni, kuma kar ta sha ruwa kafin ta ci.

Lodi ai aikina ne. Na san yadda ake cusa mutum tara a motar mutum biyar.

Gwaggo, ƙanwar babana, sana'arta matsar mai da ƙuli-ƙuli. Na ce ta ba ni gyaɗa, sai ta miƙo min tunkuza. Na ce, "Haba Gwaggo, wannan ai kin riga kin tatse ta, fasinjojin sun sauka." Ta ce ita tunda take ba ta taɓa ganin gyaɗa a turmi ta bar ta da manta ba. Da ƙyar na ƙwace cokali biyu kafin hannunta ya kai ga matsa. Na dama da santsi, ba gudaji, don Kaka haƙoranta huɗu ne kuma ba sa ga maciji da juna.

Na kai mata a ƙaramin kofin shayi. Ta leƙa.

"Maigidana, talauci ne ya kama ka? Ɗan wannan za ka ba amarya?"

"Amaryar da ba ta da haƙori ai rabin kaso ake ba ta."

Ta yi dariya har da tari, ta sha. Sai da ta kai rabi ta miƙo min. Kun san tsofaffinmu, babba ba ya sharce kwano jika na zaune, dole ya rage masa albarka. Ni kuma wa ya isa ya mayar da hannun Kaka? Na karɓa. Sau shida a wuni ina karɓa.

Bayan sati biyu na koma wajen malamin. Ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Kai, wa muke jinya ne?" Kumatuna sun fito, wandona ya ƙi maɓalli, 'yan tasha har sun fara ce min alhaji. Kaka kuwa tana nan kamar kara.

Na gwada gudu, in ajiye kofi in fita. Sai ta rufe rabin da faifai ta jira ni har ya yi tsami. Na ce na ƙoshi, ta ce jika ba ya ƙoshi.

Sai na sake dabara. Na riƙa zuwa da kwanona cike da kokon Gwaggo, ruwa zalla, in zauna gabanta ina zuƙa da ƙara. In ta miƙo kofi in ce, "Hannuna a cike yake, uwargida, ƙara kurɓa ɗaya tukuna." Kurɓa ɗaya, kurɓa ɗaya, sai ga gindin kofi. Muka yi sulhu a kan cokali ɗaya, shi ne albarkata, shi nake lashewa. A hankali na kai man cokali guda, na fara ɗiga shi har cikin miyar kuka.

Ba ta yi ƙiba ba, kar in yi muku ƙarya. Amma ta fara zama ba jingina, sannan ta fara zagin kaji, wanda a gidanmu babbar alama ce.

Ranar da Kawu ya yi hon a ƙofar gida, ta ce in miƙo mata sandarta. Na kai hannu zan riƙe ta, ta buge shi. Ta huta sau biyu a hanya, sau ɗaya jikin rumbu, sau ɗaya bakin rijiya, amma ta isa zaure. Kawu ya durƙusa yana gaishe ta, ta amsa tana haki.

Ta leƙa motar ta ce, "To, ka gan ni. Kashe abin nan, yana tsorata min awaki."

Ya kashe. Da la'asar ya koma Kano shi kaɗai.