Hannun Jarin da Ban Taɓa Riƙewa Ba

Wata goma sha ɗaya na yi a wani sabon kamfani mai kai wa mutane naman mayankar Oko-Oba har gida. Albashin bai taka kara ya karya ba, amma oga ya ce an cike mini da hannun jari. Ni kuwa na bi unguwarmu Agege ina cika baki.

Ranar da aka fara sallamar ma'aikata na kai wa Baba takardar hannun jarin. Dillalin shanu ne, ba ya jin Turanci, sai na fassara masa. Da bakina na faɗi abin da ban taɓa lura da shi ba: izini ne kawai na in sayi hannun jarin da kuɗina, a farashin da aka yanke. Izinin ma ba ya fara aiki sai na cika shekara. In an sayar da kamfanin da araha, masu zuba jari za a fara biya, mu sai abin da ya rage.

Baba ya ce, "In ka saya, wace kasuwa za ka kai shi?"

Na ce, "Babu tukuna."

Ya ninke takardar ya miƙo mini. A lokacin wayata ta yi ƙara, na ga sunan oga. Saura mini wata ɗaya tak in cika shekarar.