Kalmar da Na Ƙi Rubutawa

Shekarar da damina ta ɗauke gero bai kai ga fidda kai ba, na fara haɗa shayin zoɓorodo da citta da na'ana'a a ɗakin innata a Isa. Nakan shanya ganyen a inuwa bisa tabarma mai tsabta, in rufe da farin mayafi saboda ƙuda, sai ya bushe ƙarau in ɗura a leda. Kowace leda ina manna mata takarda: abin da ke ciki da ranar da na ɗura.

Na kai wa wata Hajiya mai shago a kasuwar Sabon Birni. Ta jujjuya ledar, ta shinshina, ta dube ni a kaikaice.

"Ɗiyata, maganin me ne?"

"Shayi ne kawai, Hajiya."

"Kawai? Duk mai kawo ganye nan sai ya ce yana kashe hawan jini. Ke me kike ɓoyewa?"

Rumbunmu ya kusa ƙarewa, kuma shagonta ne kaɗai na sani. Ta ce in na ƙara kalmar magani a takardar, za ta kwashe duka. Na tuna kawuna da ya bar ƙwayoyin asibiti saboda irin wannan takarda, har ya faɗi a gona.

"Hajiya, ɗanɗano za ni iya yi miki alkawari, ban da lafiya."

Ta sa aka tafasa ruwa aka haɗa shayin, ta ce ni in fara sha. Na sha tana kallon maƙogwarona. Sannan ta kurɓa.

"Bar kaɗan a nan," ta ce. "Amma in aka tambaye ni maganin me, gidanku za ni turo su."