Makon Alade

Ɗan kawuna taubashina ne, don haka ina da izinin faɗin gaskiya a kansa: ban taɓa ganin malalaci mai rawani irinsa ba. Tare muka yi makarantar duba-gari a nan Legas, kullum motar danfo ɗaya muke hawa daga Agege. Ya girme ni da aji biyu, amma na cim masa a kwas ɗin binciken nama, domin sau biyu yana faɗuwa. Dokar makarantar kuwa, wanda ya faɗi na uku sai gida.

Abin dariyar, ɗan mahauci ne. Kawu ya tsufa a mayanka, kuma duk wanda ya zo sayen nama sai ya ji labarin ɗansa da zai dawo da farar riga, ya riƙa duba naman da hannunsa. Shi ma gogan haka yake ɗaukar kansa. Wai a cikin nama aka haife shi, wane malami ne zai koya masa hanta?

Da jarrabawa ta matso, na shimfiɗa tabarma a barandarmu ranar wata Asabar, na baje abu uku: tsarin kwas da aka raba mana a farkon zango, manufofin da ke ƙarƙashin kowane darasi, da tambayoyin shekarun baya. Sai na ɗauko littafina ina bi darasi-darasi. In tsarin ya ambaci abu, in duba ko na rubuta shi. In na rubuta, in duba abin da manufar ke so: lissafowa kawai, ko bayani, ko kwatantawa. Sannan in ɗauki tsohuwar tambaya in ga ko rubutuna zai iya amsa ta.

Na sami ramuka, ba ƙarya. Ajiyar nama a sanyi layi biyu kawai na rubuta, alhali bayani ake so. Amma babban ramin yana tsakiyar zango, inda tsarin ya ce binciken naman alade. Shafina fari fat. A makon da aka yi darasin mu Hausawan Agege duk mun tsiri uzuri, kuma rubutun da muka gada daga yayyenmu na makaranta ana ta yi masa fotokwafi, shi ma tsallake wurin ya yi. Manufar kuwa cewa ta yi ɗalibi ya iya kwatanta ƙwayoyin tsutsar da ake samu a naman sa da na alade. Na duba tsofaffin takardun, sai ga tambayar tana dawowa, har a ta farko wadda ba a tsallakewa.

Na tura aka kira shi. Ya zo yana sakace, ya leƙa takardun daga tsaye.

"Yaya, ga abin da yake kayar da kai," na ce. "Rabin amsa kake bayarwa. Na naman sa ka sani, na alade fa?"

Ya ja da baya kamar na miƙa masa naman a faranti. "A'uzubillahi. Ni ɗan Musulmi in zauna ina haddar alade?"

"Ci aka hana ka. Waye ya hana ka karatu?"

"Ke dai boko ya gama da ke. Bana ba za ta fito ba, sun gaji da ita."

Ka ji malamin duba. Mutumin da sai an yi da gaske yake tashi sallar asuba, yau shi ne mai tsoron Allah a kan shafi huɗu. Raina ya ɓaci ƙwarai. Na ari littafin wata 'yar ajinmu Bayarabiya, na cike ramukana, na yi masa kwafi na kai har gida. Daga baya ƙanwarsa ta gaya mini da tsinke ya ɗaga takardun ya jefa bayan kabad.

Tambayar ta fito. Ina hango shi a layin gaba yana cizon biro, ya kalli fanka, ya kalli ƙofa. Da sakamako ya fito aka sallame shi.

A gida ya ce malamin ne ba ya son Hausawa. Da Kawu ya zo gaishe da Innarmu, sai ya kira ni gefe.

"'Yar nan, ke ba Bahaushiya ba ce? Yaya aka yi kika ci?"

Na so in rufa masa asiri, amma haushi bai bar ni ba. Na faɗa masa komai. Tsohon ya daɗe yana kallon tafin hannunsa.

"Tun kafin a haife shi nake wucewa ta gefen masu yanka aladen nan kowace safiya," ya ce, "ban taɓa sake alwala ba."

Ya sa takalminsa. A bakin ƙofa ya juyo ya tambaye ni ko farar rigar da ya riga ya ɗinka za ta yi mini in an rage kafaɗa.