Fanka Mai Ɗawafi

Shekarar da Baba ya shiga harkar fanka, ina aiki a wani ofishin fiton kaya kusa da tashar jiragen ruwa a Treichville, ina mai da takardun kwastan daga Turanci zuwa Faransanci. Saboda haka duk takardar da ta shigo gidanmu na unguwar Arras, ta asibiti ce ko ta wuta, ni ake miƙa wa. Hausata ce dai abin dariyar gidan. A Abidjan aka haife ni, Faransanci ya riga Hausa zama a bakina, kuma Baba, wanda ya baro Maraɗi tun yana saurayi, yakan ce Hausata kamar shayin zuwa na uku take, akwai launi amma babu ƙarfi.

Baba ya daɗe yana sayar da tocila da rediyo a Adjamé, a gefen kasuwar da ake kira Black Market. Abu guda yake alfahari da shi, kuma yana faɗinsa ko ba a tambaye shi ba: tun da ya buɗe shago ba a taɓa dawo masa da kaya an ce ba su da kyau ba. Mun ji wannan magana har mun haddace. Idan ya ɗauko ta, Inna takan ƙarasa masa daga madafa.

To, sai ya yi odar fankoki masu caji, irin na tsaye. Mafi yawansu aminin Baba ne ya kwashe, wani Alhaji Bakano da muke kira Kawu, wanda ke raba kaya ga ƙananan 'yan kasuwa Hausawa da ke yawo garuruwan cikin ƙasa. Ba a daɗe ba ƙorafi ya fara zuwa. A gaban injin kowace fanka akwai wani ɗan murfin roba da ke zuwa a ɗaure, wanda sai an kwance shi kafin a sa fukafukin. Mutane suka ce ba ya kwantuwa. Mai ƙarfi ya sa ƙarfi, mai filaya ya sa filaya, murfi ya tsage. Masu gyaran fanka na Adjamé ba su da wannan matsala, amma ba a iya cusa mai gyara cikin kowane kwali.

Wata safiyar Asabar Baba ya aiko a kira ni. Na hau woro-woro, tasin haɗaka, na haye gada, na same shi zaune a shago, fuska a murtuke, wayarsa a kan cinya.

"Kawunki ya ce ran Litinin zai maido mini kaya," in ji shi. "Duka. A kan amalanke, tsakar kasuwa, kowa na kallo."

"Baba, an duba notis kuwa, takardar bayanin da ke cikin kwalin?"

"Ga ta nan. Hoto ne da lamba da kibau, kamar wasan yara. Ki maishe ta Hausa, mu yi vokal, saƙon murya, mu aika musu. Mutanen nan ba karatu za su yi ba, saurare za su yi."

Na karɓi takardar. Hotuna shida ne, kowanne da lambarsa da ɗan layin Faransanci a ƙasa. A raina na ce wannan ai aikin shan ruwa ne, ni da nake fama da takardun kwantena.

Lambobin ba su ba ni wuya ba. Na ɗaya, a kwance murfi da zoben robar da ke bayansa. Na biyu, a sa ragar baya. Na uku, a ɗaure ta da zoben. Na huɗu, a zura fukafuki a kan sandar injin har tsagarsa ta hau ɗan ƙarfen da ya gitta. Na biyar, a mayar da murfi. Na shida, a rufe da ragar gaba. A baki, lamba takan zama "da farko" da "sai kuma" da "bayan nan", shi ke nan. Miƙaƙƙun kibau ma ba su da rigima, suna nufin tura ko zura.

Lanƙwasassun kibau su ne suka ɗaure mini kai. A hoto na ɗaya, kibiyar ta zagayo ta ƙarƙashin murfin, kanta na kallon hagu. Baba ya dangwala yatsa a kai.

"Ga shi nan, hagu. Kowa ya san hagu kwancewa, dama ɗaurewa. Haka suka yi, kuma ya ƙi."

Na karanta Faransancin da ke ƙasa. Cewa ya yi a juya yadda hannun agogo ke tafiya. Na ɗauko sabuwar fanka daga kwali, na riƙe sandar injin da tsumma don kar ta bi ni, na murɗa murfin yadda agogo ke tafiya. Ya kwance salin-alin, kamar murfin kwalbar man shafawa. Ashe zaren murfin a juye aka yanka shi, da gangan, don kar juyin fukafuki ya riƙa sassauta shi. Duk wanda ya murɗa yadda ya saba, ƙara ɗaurewa yake yi. Ita kuwa kibiyar ba ta yi ƙarya ba. Abin da ke juyawa, idan samansa ya yi dama, ƙasansa hagu yake yi, kuma mai zanen a ƙasa ya ga damar sa kan kibiyarsa.

Baba ya karɓi murfin ya jujjuya shi a hannu. Na ga kafaɗunsa sun sauka. Kayansa lafiya lau suke, saura a gaya wa duniya.

Nan fa Hausata ta tsaya cik. Na fara vokal na ce a juya kamar hannun agogo. Baba ya ɗaga hannu.

"Wane agogo? Wa ya rage da muntur mai hannu? Kowa a waya yake duba lokaci."

Na ce to a juya dama. Muka gwada a kan maƙwabcinmu mai sayar da caja, ɗan Tawa. Ya saurara da kyau, ya rungumo kan fankar ta baya kamar mai riƙe rago, ya miƙo hannu gaba ya murɗa damarsa, wadda ta zama hagun mai tsayawa a gaba. Murfi ya ƙara ɗamewa. Na ce ya tsaya a gabanta. Ya tsaya, ya tambaye ni damar sama ko damar ƙasa, don shi ma ya ga kibiyar. Haushi ya kama ni sosai, ba da shi ba, da kaina. Ga abu ina gani ƙuru-ƙuru, ina da shi a Faransanci, ina da shi a yatsana, amma ba ni da shi a harshen ubana.

Na zauna a kan kwali ina zana da'ira a iska, ina bin kibiyar hoto na biyar, wadda ke nuna yadda ake ɗaurewa. Ina yi ina gunaguni da Faransanci. Baba yana kallon yatsana, kansa na bi a hankali.

"Sake yi in gani."

Na sake.

"Ke, wannan ai ɗawafi ne."

"Na'am, Baba?"

"Ɗawafi. Haka ake zagaya Ɗaki, yana hagunka. Wa bai taɓa gani ba, ko a talabijin, ko a hoton bango?" Ya ce Allah ya yafe masa haɗa babban abu da fanka, amma ai don a gane ne.

Muka koma kan mai caja. Na ce ya tsaya fuska da fuska da fankar, ya riƙe sandar, ya juya murfin saɓanin ɗawafi. Bai tambayi sama ko ƙasa ba. Ya lumshe ido ɗaya, ya zana da'irarsa a iska, ya juya ta, ya murɗa. Murfi ya faɗo hannunsa.

Ni na tsara maganar daga farko har ƙarshe, hoto bayan hoto, har da gargaɗin cewa zoben ragar baya shi na kowa ne, yadda aka saba ake ɗaure shi. Amma na ƙi yarda a ɗauki muryata. Na ce idan mutanen Kawu suka ji Hausata, dariya za ta hana su jin bayani. Baba ya gyara hula kamar wayar na ganinsa, ya yi sallama, ya karanto abin da nake raɗa masa. A tsakiya ya ƙara nasa: "Kar ka sa ƙarfi, ɗan'uwa. Kayana ba sa son ƙarfi." Muka tura wa Kawu. Wayar ta nuna ya saurara, amma bai janye maganar Litinin ba.

Ran Litinin na nemi izini a ofis na tafi Adjamé, don ban yarda in bar Baba shi kaɗai ba. Da hantsi sai ga Kawu, babbar riga na jan ƙasa. Na leƙa bayansa ina neman amalanke. Babu. Kwali ɗaya ne a hammatarsa, ya dire shi a gaban shago.

"Mutumin Maraɗi, na ji wa'azinka," in ji shi. "Amma ni Bakano ne, sai na taɓa da hannuna."

"Bisimilla. In ka fasa, ka saya."

Maƙwabta suka fara taruwa. Kawu ya naɗe hannun riga, ya kunna vokal ɗin, ya ajiye wayar a kan benci. Muryar Baba na faɗi, shi yana yi. Da aka zo kan murfi ya tsaya, ya ɗaga yatsa ya zagaya shi a iska, leɓensa na motsi. Ya murɗa, ya kwance. Ya sa raga, ya zura fukafuki, ya ɗaure kamar ɗawafi, ya rufe, ya danna. Iska ta ɗaga masa gefen riga.

"To," in ji Kawu, "a ƙara mini duk kwalayen da suka rage. Kuma a aiko da sabbin murafu na waɗanda suka fasa." Ya juyo gare ni. "'Yata, ke kika fassara?"

"Ni da Baba ne, Kawu."

"Ita ta san hanya, ni na san sunan hanyar," in ji Baba. Bai sake kiran Hausata shayin zuwa na uku ba, ya ɗaga ta zuwa na biyu.

Vokal ɗin ya yi tafiyar da Baba bai taɓa yi ba. Aka riƙa tura shi daga waya zuwa waya, har ga masu fankar da ba a shagonmu aka saya ba, don kusan duk irinsu haka murfinsu yake. A kasuwa masu saye suka koma cewa, "A ba ni fanka mai ɗawafi."

Baba ya rasu bayan 'yan shekaru, ba a taɓa dawo masa da kaya ba. Ƙanena ne a shagon yanzu. Kwanakin baya na shiga Black Market neman caja, ina kutsawa tsakanin masu jins da masu waya, sai na ji sallamar Baba a bayana. Na juya da sauri har na buge wata mata. Wani mutum ne da ban taɓa gani ba, tsugune gaban buɗaɗɗen kwali, wayarsa a kan gwiwa, yana zana da'ira a iska. Na tsaya a wurin, mutane na ture ni, ina jira a zo inda na sani.

"Kar ka sa ƙarfi, ɗan'uwa. Kayana ba sa son ƙarfi."

Mutumin ya sassauta hannu, murfin ya kwance.