Ajiyar Kawu a Banki

Ni na jawo wa kaina. Ina akawu a bankin Turawa a Sakkwato, gab da samun mulkin kai, na yi ta yi wa kawuna naci har ya tone kuɗinsa daga ƙarƙashin gado ya kai mana. Dillalin shanu ne a Ƙofar Taramniya, shi ya rene ni, kuma taurin kansa ya fi na bijimin da yake sayarwa. Da ya tambaye ni sunan abin, na ce ajiya, don ita ce kalmar da kowa ke faɗi.

Sai ji-ta-ji-ta ta tashi daga kasuwa, wai Turawa za su tafi da kuɗin mutane cikin akwatuna. Har yau ina jin haushin wanda ya ƙirƙiro wannan ƙarya. Kafin hantsi bakin banki ya cika, mahauta, fatake, 'yan Sabon Gari, kowa na son nasa duka, yanzu-yanzu. Muka biya masu kaɗan-kaɗan, masu manyan kuɗi kuwa manaja ya roƙe su su jira motar kuɗi daga Kano.

Kawu ya ratso mutane ya tsaya gabana. Na yi masa bayani a hankali: ba a jibge kuɗi a ɗaki. Ana barin abin da zai ishi masu zuwa yau da gobe, sauran a ba masu sayen fata da auduga rance, su biya bayan sun sayar. Kuɗinsa ba su ɓace ba, suna hannun mutane, kuma ba a iya karɓo su rana ɗaya don kowa ya firgita.

"Ajiya nib ba ka, ko bashi?" ya ce. "Wa ab ba ku izni?"

A wurinsa ajiya abu ne da ba a taɓawa, a mayar maka da shi yadda ka kawo. Na ce da hannunsa ya dangwala a takardar banki. Ya ce ai ni na riƙe masa yatsan. Raina ya ɓaci, na gaya masa shi ma shanun mutane yake bayarwa bashi. Ya ce da sanin masu su. Gaban jama'a ya kira ni maci amana.

Mota ta zo, aka biya shi, ko kwabo bai yi ciwon kai ba. Ya juya takardun kuɗin, ya ce ba su ne ya kawo ba. Na gaji da shi, na koma kan aikina.

Akwai wani ƙunshi nasa a akwatina tun dawowarsa daga Makka, likkafaninsa, wanda ya ce ni zan fito da shi ranar da ajalinsa ya zo. Da la'asar ya zo gidana da kansa, ya ƙi zama a tabarma.

"Ɗauko mani ajiyata," ya ce, "in ba ku ba wani aro ba."