Igiyar Tasi'u

Tasi'u mutumin Tasawa ne, mai haƙar rijiya, kuma tare muka shigo Tamanrasset a 1965. Shekara biyu ya yi yana haƙa wa wasu kafin ya tara abin sayen kayan aikinsa na kansa.

Ranar da za shi kasuwa na ce masa, "Fara da igiya sabuwa, ita ke riƙe da ranka. Sai diga da guga. Sauran su jira."

Bai ji ba. Ya ga wani tsohon famfon janyo ruwa mai jan fenti, ya zuba masa kusan duk kuɗin. Famfo, alhali ko damshi bai tarar ba! Da canjin ya sayi igiya ta hannu, wadda an taɓa aiki da ita, mai kauri, fes a ido.

Na ce, "Malam Tasi'u, murɗe ta baya ka duba cikinta. In gari ya zubo, ta ruɓe."

Ya ce mai kayan ya rantse masa.

A wata rijiyar lambu a Tahifet, yana zurfin gaba shida a ƙasa, muna janyo shi, igiyar ta tsinke. Da na buɗe bakin da ya rage a hannuna, gari ne ya cika mini tafi.

Bai sake tafiya da ƙafafunsa ba. Yanzu yana zaune bakin kasuwa, duk wanda zai sayi igiya sai ya kai masa ya murɗa. Famfon na nan ɗakinsa, yaransa na rataye tufafi a kai.