Malama To-Sai-Me da Jarrabawar Yayanta

Ɗalibai ne suka raɗa mata suna Malama To-Sai-Me, kuma sunan ya bi ta har gida. Shekara ashirin da shida tana koyar da tarihi a wata makarantar sakandare, a ajin da ke ƙarshen baranda, mai allon da ya tsage ta gefe ɗaya. In ɗalibi ya ba da amsa ya nemi zama, sai ta ɗaga alli ta ce, "To, sai me?" Ba ka zama sai ka faɗi abin da maganarka ta nuna.

Ba haka ta tashi ba. Tana yarinya, ita ce mai haddar ajinsu. A jarrabawar fita sakandare ta cika shafi huɗu a kan tambaya ɗaya, har yatsanta ya yi kanta, amma da sakamako ya fito da ƙyar ta haye. Ta yi kuka ta ƙoshi, ta ɗora laifin a kan mai duba takardu. Da wannan haushin ta yi karatun koyarwa, da shi ta fara aiki.

A shekararta ta biyar aka gayyace ta duba takardun jarrabawa. Aka tara su a wani babban zaure, aka raba wa kowa takardar rabon maki. Nan ta ga abin da ba wanda ya taɓa faɗa mata: a tambayoyin bayani, batu yana da maki ɗaya, hujja ɗaya, bayanin da ya ɗaure su da tambayar yana da biyu. Takarda ta uku da ta ɗauka ta wata yarinya ce mai kyan rubutu, ta zuba sunaye da shekaru shafi guda, ba ta faɗi dalilin komai ba. Malama ta nemi inda za ta ba ta maki ta rasa. Ta ajiye jan biro, ta daɗe tana kallon takardar, domin kamar tata ce aka dawo mata da ita.

Daga wannan shekarar koyarwarta ta sauya. "Mai duba takarda ba boka ba ne," take ce wa ɗalibai. "Abin da ke kanka naka ne, abin da ke takarda shi ne nasa."

Amma ɗalibin da ya fi ba ta wahala ba a aji ta same shi ba. Yayanta ne, wanda ya girme ta da shekara tara, ma'aikacin lafiya a wani ƙaramin asibiti. Mutum ne da ya san aikinsa kamar yunwar cikinsa, sai dai sau biyu yana faɗuwa jarrabawar ƙarin girma, waɗanda ya koya wa riƙe allura suna wuce shi. Matarsa ce ta tsegunta wa Malama, ta ce ya daina ma zancen.

Ranar wata Asabar da hantsi Malama ta je gidan. Ta same shi a falo, littattafai zube a kan tebur, yana shirin sake zama jarrabawar a karo na uku.

"Yaya, in ga abin da kake rubutawa mana."

"Auta, wannan ba tarihin sarakuna ba ne. Me kika sani a aikin asibiti?"

"Ban san komai ba. Shi ya sa nake so ka fahimtar da ni."

Ya yi tsaki, amma ya miƙo mata. Tsohuwar tambaya ce: a bayyana dalilai uku da ke hana iyaye kammala wa yara allurar rigakafi, maki goma sha biyu. Ya jero dalilai takwas, kowanne layi ɗaya: nisa, tsoro, mantuwa, da sauransu.

"Nawa za ki ba ni?"

"Uku."

"Uku! Takwas fa na kawo!"

"Uku aka tambaya, biyar ɗin sadaka ka yi. Kuma cewa aka yi ka bayyana, ba a ce ka lissafa ba. Raba goma sha biyu gida uku, Yaya. Kowane dalili maki huɗu yake ɗauke da shi, kai kuma ɗaya-ɗaya ka tsinta ka bar sauran a ƙasa."

Ya karɓe takardarsa ya ce shi ba ɗan aji ɗaya ba ne. Malama ba ta ja ba. Ta sha ruwa, ta tambayi lafiyar yara, can sai ta ce kamar da wasa, "Wai da gaske nisa yana hana mutane zuwa? Ni ban yarda ba."

Nan fa Yaya ya gyara zama. Ya ce ta je ta duba rajistarsa: a unguwar da ke bayan asibiti, cikin yara arba'in, talatin da biyar sun kammala, a ƙauyen da ke hayin kogi kuwa, cikin arba'in tara kacal.

"To, sai me?"

"Kamar ya sai me? Uwa za ta taso tun safe da goyo, ta bar sauran yara da aikin gida, ta wuni a hanya. Allurar farko za ta daure ta zo. Ta biyu da ta uku, ga yaro lafiyarsa ƙalau a idonta, sai ta ga ba dalilin sake wannan wahala. Kin ga allura ta tsaya a rabi."

Malama ta turo masa biro. "Rubuta wannan yadda ka faɗe shi. Nisa shi ne batunka, rajistar ita ce hujjarka, zancen uwar nan shi ne bayaninka. Maki huɗu ke nan cif, kuma ba ni na ba ka ko kalma ɗaya ba."

Ya dube ta, ya dubi takardar. Matarsa da ke bakin ƙofa ta ce, "Yau dai an samu mai iya maka." Ya ja kujera.

Wata biyu suna haka duk Asabar. Ta hana shi cusa dalili biyu a sakin layi ɗaya. Ta hana shi maimaita batu da wasu kalmomi ya kira shi hujja. In ya rubuta "kowa ya sani", sai ta ja layi a ƙasa ta ce mai dubawa ba ya cikin kowa. Ta ajiye agogo a gabansa, domin in ya samu labarin da yake so ba ya son sakinsa. Wani lokaci ya yi fushi ya fita tsakar gida, ya zagaya ya dawo. A mako na bakwai ta duba amsarsa sau biyu tana neman abin cirewa, ba ta samu ba. Ta rubuta goma sha biyu, ta zagaye.

Da sakamako ya fito ya ci, sunansa na huɗu a jerin. Bai kira ta a waya ba, da ƙafarsa ya zo makarantar, ya tsaya a bakin taga har ta gama darasi. Da ta fito ya ce, a gaban ɗalibanta, "Malama, na gode." Tun da aka haife ta bai taɓa kiran ta da wani suna ba sai Auta. Ta hau kakkaɓe alli daga hannunta.

Yanzu ta yi ritaya, idonta ya yi rauni, ba ta iya karanta ƙananan rubutu. Duk da haka ba a rasa mutum biyu ko uku a barandarta ranar Asabar: 'yan sakandare, ma'aikatan jinya, har da wani ɗan sanda da abokin aikin Yaya ya turo. Sukan karanta mata amsarsu da baki, ita kuma ta lumshe ido tana ƙirga maki da yatsu.